Hoton bangon bidiyo da katin take: yadda za su jawo mai kallo ba tare da an yi masa ƙarya ba

*Tambaya: Salamu alaikum Yaya. Ni ƙaninka ne daga Tawa, ina sa bidiyoyin noma da kasuwa a YouTube. Na yi wani na minti 11 kan ajiyar albasa a rudu, bukkar karan nan ta ajiya, wajen Galmi. A hoton bango na sa damin kuɗi da rubutu "YA SAMU MILIYAN 5". Ana dannawa sosai, amma ba a daɗewa ake fita, wasu har da zagi. Da na sa hoton rudun kawai kuma babu mai shiga. Yaya zan yi? Kuma katin take na farkon bidiyo yana da amfani?*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na kalli bidiyon har ƙarshe, sau biyu, kuma montaj ɗinka ba shi da laifi. Abin da ya faru kai ka fi ni saninsa, tunda kai ne ɗan yankin albasa. Ka san mai buhun da yake jera manya a baki ya cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a ciki. Ranar farko yana sayarwa da wuri. Amma da dillali ya zazzage buhu ɗaya, shi ke nan, ko gobe ya kawo ta kirki sai an zazzage an duba. Hoton bango, wanda wayarka take rubuta wa Miniature idan da Faransanci take, shi ne bakin buhun bidiyonka. Ba a hana ka ɗora mafi kyawun albasarka a baki ba, sharaɗin dai daga cikin buhun ka ɗauko ta.

A cikin minti 11 ɗin nan babu inda aka nuna kuɗi, kuma babu inda dattijon da ke bayanin rudun ya ambaci miliyan. Abin da ya ce, a wajen minti na 6 da daƙiƙa 40, shi ne ya zuba buhu goma a rudu bayan girbi, da ya buɗe bayan watanni buhu bakwai ya samu, uku sun tafi a ruɓa da tsiro da ramewa, amma duk da haka bakwai ɗin sun fi masa goman da zai sayar a lokacin da albasa ta cika kasuwa. Wannan shi ne labarinka, kuma ya fi damin kuɗin nan daɗi nesa ba kusa ba. Kai ne ka binne shi a tsakiyar bidiyo, ka ɗauko hoton kuɗin da ba naka ba ka kafa a ƙofa.

Kafin mu je ga gyara, ka buɗe YouTube Studio ka ajiye lambobi biyu kusa da juna. Ta farko ita ce Taux de clics par impression, wato cikin mutum ɗari da aka nuna wa hoton, nawa suka danna. Ta biyu ita ce Durée moyenne d'une vue, tsawon lokacin da mai kallo yake zama. YouTube da kanta ta ce rabin tashoshi da bidiyoyin da ke kanta suna tsakanin kashi 2 da kashi 10 cikin ɗari a lamba ta farko, don haka idan ka ga 4 ko 5 kada hankalinka ya tashi. Ga lissafi na misali. An nuna hoton kuɗi sau 10,000, kashi 9 suka danna, mutum 900 ke nan, kowa ya zauna daƙiƙa 40. Jimla minti 600. An nuna hoton gaskiya sau 10,000, kashi 5 kawai suka danna, mutum 500, amma kowa ya zauna minti 4. Jimla minti 2,000. Tsarin da ke tura bidiyo gaban mutane yana kallon zaman nan da gamsuwar mai kallo, ba dannawa kaɗai ba. Shi ya sa bidiyon da aka yi wa bangon ƙarya yakan tashi kwana biyu ko uku sannan ya faɗi warwas.

Akwai kuma zanen layin nan da ke nuna inda mutane suke fita. Idan layin ya gangara a hankali tun daga farko har ƙarshe, wannan ba komai, haka kallo yake. Idan kuwa ya rufta kamar gaɓar gulbi a cikin daƙiƙa 30 na farko, to mutane sun zo neman abin da aka yi musu alkawari ba su gani ba. Ina da tabbacin naka haka yake. Wata alamar kuma ita ce ƙaramin tudu a tsakiyar layin, inda mutane suke tsallakawa su je ko su maimaita. Ka duba ko naka ba a wajen minti na 6 yake ba. Idan a nan yake, masu kallo da kansu sun nuna maka da yatsa inda hoton bangonka yake.

To, ga yadda zan yi da bidiyon nan da a hannuna yake.

Zan fara da faɗin abin da bidiyon ya ƙunsa a jimla ɗaya, da baki, kamar ina ba wa abokina labari a fada: wani dattijo ya ajiye buhu goma, ya kwashe bakwai, kuma bai yi asara ba. Idan jimlar ba ta fito ba, matsalar tana cikin montaj, babu hoton da zai cece ta. Taka ta fito. Daga nan sai in nemi hoto ɗaya a cikin bidiyon da aka riga aka gama, wanda ke faɗin wannan jimla ko da mutum bai iya karatun boko ba, domin da yawa cikin masu kallonka hoton kawai suke karantawa. Akwai shi. A daidai wurin nan dattijon ya tsuguna a bakin rudu, ya ɗago albasa biyu zuwa ga kyamara, ɗaya a kowane hannu. Ta dama jawur, ɓawonta na sheƙi. Ta hagu ta yi baƙi, ta lotsa, ga tsiro kore ya fito mata a ka. Fuskarsa tana tsakani, yana ɗan murmushin wanda ya saba da abin. Duk manomin da ya ga wannan hoton ya san zancen da ake yi, kuma zai so ya ji yadda aka ƙare.

Hoton rudun da ka gwada ya faɗi ne saboda ka ɗauke shi daga nesa. A allon waya ya zama wata bukkar kara a cikin fili, launin ƙasa a kan launin ƙasa, babu mutum, babu abin da ke faruwa. Gaskiya ne, amma gaskiyar da ba ta ce komai ba. Kada ka ɗauka zaɓinka biyu ne kawai, ko ƙarya mai armashi ko gaskiya mai lami.

Wajen ciro hoton, kada ka ɗauki hoton allon wayarka yayin da bidiyon ke tafiya a YouTube, zai fito a dushe. Ka koma ga ainihin fayil ɗin da ka fitar daga montaj. A CapCut ko makamancinta ka tsayar da bidiyon, ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan har ka samu inda hannuwan ba sa motsi, idanunsa a buɗe, bakinsa bai karkace ba. Idan kana da kwamfuta mai manhajar ffmpeg, wannan layin zai ciro maka shi da kyau:

```
ffmpeg -ss 00:06:40 -i albasa.mp4 -frames:v 1 -q:v 2 bango.jpg
```

Nan gaba kuwa, duk ranar ɗauka, kafin ka naɗe kaya ka roƙi mutumin ya sake riƙe abin ka ɗauke shi hoto uku ko huɗu a tsaye cik. Wannan ba yaudara ba ce muddin abin da ya riƙe da inda ya tsaya suna cikin bidiyon.

Girman da YouTube ta daɗe tana ba da shawara shi ne fiksel 1280 a faɗi da 720 a tsawo, wato tsarin 16:9, a JPG ko PNG. Ka riƙe nauyinsa ƙasa da mega 2, ba za ka samu matsala ba ko daga waya kake ɗorawa. Amma kada girman nan ya ruɗe ka. Kai kana aiki a allo cike, shi kuwa mai kallo zai gan shi wani lokaci bai fi faɗin yatsu biyu ba, a waya mai tsagaggen gilashi, a tsakar rana a tasha. Saboda haka ka yanke hoton ka matso sosai: hannuwan biyu da fuskar su cika fili, rudun ya rage a baya kawai don a gane wurin. Ƙasan hoton ta hannun dama ka bar shi fanko, domin nan ne YouTube take liƙa tsawon bidiyon, zai rufe duk abin da ka rubuta a wurin.

Gyaran launi halal ne, amma yana da iyaka. Ranar Adar tana da ƙarfi, idan mutum yana sanye da hula ko rawani sai fuskarsa ta faɗa cikin inuwa. Ka ɗaga hasken inuwar har idanu su fito, ka ɗan rage hasken sararin sama da ya ƙone. Kada ka haskaka fatar dattijo har iyalinsa su kasa gane shi. Albasar ma kada ka cika mata launi. Ta Galmi an san kalarta daga nan har kasuwannin Gana da Kodebuwa, idan ka mayar da ita ja kamar tumatir ɗan kasuwa zai gane da kallo ɗaya. Gwajina mai sauƙi ne: in ajiye hoton da na gyara kusa da wurin da aka ciro shi a bidiyo. Idan za a ce rana ɗaya ce, mutum ɗaya ne, albasa ɗaya ce, ya yi.

Sai rubutun kan hoton. Kalma uku ko huɗu sun isa, manya, farare ko rawaya masu baƙin gefe, a gefen da babu fuska. Ni zan rubuta: 10 SUN KOMA 7. Lambobi ne, ko wanda bai yi nisa a lakwal ba zai karanta, kuma daga bakin dattijon suka fito. Taken bidiyon kuwa, wanda ake rubutawa a ƙasa, kada ya maimaita wannan, ya ƙarasa shi: "Ajiyar albasa a rudu: me ya sa manomin Galmi bai yi asara ba?" Ana ba ka haruffa har 100 a take, amma waya tana datse shi tun kafin nan, don haka kalmomin da mutum zai nema, albasa da rudu da Galmi, su zo da wuri. Ka ga hoton ya nuna asara, taken ya ce ba a yi asara ba. Wannan saɓanin shi ne zai sa yatsa ya danna, kuma bidiyon yana da amsarsa. Bambancin jan hankali na gaskiya da na ƙarya ke nan a aikace: ka ɓoye amsa, ba laifi, amma amsar ta kasance tana ciki.

Abu ɗaya da ke ba mu wahala mu masu rubuta Hausa shi ne haruffa masu ƙugiya. Yawancin salon haruffan ado da ke cikin Canva ko PixelLab ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ko dai su fito da ɗan akwati fanko, ko manhajar ta aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar ƙattai kamar baƙo a gidan biki. Mutane sai su gaji su cire ƙugiyar, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, baƙi su koma baki. Noto Sans tana da su duka, da masu kauri, haka ma Andika da Charis SIL. Kafin ka amince da kowane salo, ka rubuta ƁƊƘƳ da ɓɗƙƴ ka gani.

Yanzu katin take. E, yana da amfani, kuma a wajenmu ya ma fi amfani fiye da yadda masu koyarwa na waje suke faɗa. Amma naka na yanzu yana cutar da kai. Daƙiƙa 12 ka ba tambarin tasharka yana juyawa a kan baƙin allo da kiɗa, sannan ka shiga gaisuwa da roƙon a danna ƙararrawa. Mutumin da ya danna yana ƙona megarsa da ya saya da kuɗinsa, har an kusa minti guda bai ga albasa ba. Ka juya tsarin. Daƙiƙar farko ta buɗe da hoton nan na bango yana motsi: hannuwan biyu, da muryar dattijon yana cewa goma ya zuba, bakwai ya kwasa. Daƙiƙa shida ko takwas sun isa. Mai kallo ya ga abin da ya danna dominsa, hankalinsa ya kwanta. Sannan katin ya fito, a kan hoto mai motsi, misali rudun daga nesa, wanda a nan ne yake da amfani. Ya zauna daƙiƙa uku ko huɗu, gwargwadon yadda za ka karanta shi da baki sau biyu ba gaggawa. Salon harafi da launi su zama irin na bangon, don a san gida ɗaya ne. Rubutun kada ya taɓa gefen allo, ka bar masa tazara ta ko'ina.

Abin da za a rubuta layi biyu ne. Na sama: Ajiyar albasa a rudu. Na ƙasa, ƙarami: wurin da aka ɗauka, da wata da shekara, da sunan tasharka. Watan nan da shekarar kada ka raina su. Kuɗin albasa a lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu, da kuɗinta bayan damina ta yi nisa, ba su ko yi kama ba, kuma bana ba bara ba ce. Bidiyon da ya ambaci farashi bai faɗi lokaci ba, bayan wata shida ya zama ƙarya ko da ba ka yi niyya ba.

Ga dalilin da ya sa na ce a wajenmu ya fi amfani. Rabin rayuwar bidiyonka ba a YouTube za ta kasance ba. Wani zai sauke shi, ya tura a WhatsApp, ko a ba shi a katin waya wajen masu turi a kasuwa. A wannan tafiyar hoton bango ya faɗi, take ya faɗi, bayanin ƙasa ya faɗi. Abin da aka ƙona a jikin bidiyon ne kaɗai yake isa. Idan babu kati, gobe wani zai rubuta a kai cewa wannan Agadas ce, ko wata ƙasa, ko bana ce alhali shekara biyu ke nan. Kuma tunda WhatsApp daga farkon bidiyo take ɗaukar hoton da take nunawa, baƙin allon nan naka yana nufin mutane suna karɓar baƙin akwati kawai.

Akwai wani ɓangaren gaskiyar da ba lambobi ke nuna shi ba, kuma shi ya fi damuna a hotonka na farko. Ka haɗa fuskar dattijon nan da damin kuɗi, ka rubuta ya samu miliyan biyar. A garinsu kowa ya san shi. Ka yi tunanin masu zuwa rance, da ƴan uwan da za su ce ya ɓoye musu, da wanda zai iya biyo dare. Shi ya yarda ka ɗauke shi yana bayanin rudu, bai yarda ka yi shelar dukiyar da ba shi da ita ba. Ka cire wannan hoton yau, kafin ma ka gama sabon. Sabon kuma ka tura wa ɗansa ko wani na kusa ya nuna masa, ka ji ya amince. Ta ɓangaren YouTube ma, ƙa'idarta ta hana hoton bango da take masu yaudara, tana iya cire hoton ko bidiyon, kuma gargaɗi uku na karya ƙa'ida cikin kwana 90 suna rufe tasha.

Ni ma ba don na fi ka tsoron Allah na san wannan ba, tuntuɓe na yi. A ambaliyar 2020, lokacin da kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga Lamorde a nan Yamai, na yi wa wasu montaj na abin da muka ɗauka. Hotunanmu na gaskiya ne, mata da tabarmi a ka, ruwa iya gwiwa. Sai na ga ba su da tsoratarwa yadda nake so, na samo a intanet hoton wata mota da ruwa ya shanye har rufi na sa a bango. Ba a yi awa uku ba wani ɗan unguwar ya rubuta cewa lambar motar nan ba ta Nijar ba ce, kuma babu irin wannan ginin a Lamorde. Daga nan babu wanda ya ƙara maganar mutanen da suka rasa gidaje, gardamar hoton aka koma yi, har waɗanda muka ɗauka da hannunmu aka ce na jabu ne.

Idan ka gama sabon, kada ka ɗora sai ka gwada shi. Ka tura wa kanka a waya, ka ƙanƙance shi, ka fita rana, ka miƙe hannu ka duba. Idan ba ka bambance albasa mai kyau da ruɓaɓɓiya ba, ka ƙara matsowa. Sannan ka nuna wa mutum biyu da ba su ga bidiyon ba, ɗaya manomi, ɗaya wanda ba ruwansa da noma, na daƙiƙa biyu kawai, ka kife wayar ka tambaye su me suke tsammanin gani a ciki. Idan abin da suka faɗa yana cikin bidiyon, ka ɗora. Idan wani ya ce za a koya masa maganin da ke hana albasa ruɓa, to hoton yana alkawarin abin da ba ka da shi, ka sake kalmomin.

A YouTube Studio ta kwamfuta akwai wurin gwaji da suka fito da shi da sunan Test & Compare, inda za ka ɗora hoto har uku a raba wa masu kallo. Ka lura, da lokacin kallo yake zaɓen gwani, ba da yawan dannawa ba. Sai dai ƙaramar tasha takan daɗe ba ta tara mutanen da za su ba da sakamako bayyananne ba. Idan haka ne, ka yi da hannu: ka rubuta lambobin nan biyu na yau a takarda, ka canza hoton da taken, ka bar su mako guda ba ka taɓa ba, sannan ka kwatanta kwanakin bayan canjin kaɗai, kada ka haɗa da na baya. Farkon bidiyon kuwa, YouTube ba ta bari a musanya fayil, amma a cikin Studio akwai wurin datsewa da zai ba ka damar yanke daƙiƙa 12 na tambarin nan ba tare da ka rasa masu kallon da ka tara ba. Sabon tsarin buɗewa da katin sai ka fara su a bidiyo na gaba, da kuma kwafin da za ka fitar don WhatsApp. Ka turo mini lambobin bayan makon, da zanen layin, mu duba ko ramin daƙiƙa 30 ɗin ya cike.